Me ya sa ɗaki ke ƙin hucewa da daren bazara, kuma me za a yi idan babu na'urar sanyaya ɗaki?

Duk wanda ya yi watan Afrilu a Kano, ko Sakkwato, ko Maraɗi, ya san wannan abu: wajen ƙarfe 11 na dare tsakar gida ta fara sassauci, har wata 'yar iska na kaɗawa, amma da ka ɗaga labule ka shiga ɗaki sai hucin zafi ya buge ka a fuska. Rana ta faɗi tun kafin ƙarfe 7, to daga ina wannan zafin yake fitowa? Amsar wannan tambaya ita ce ke raba dabarar da ke aiki da wadda ke cinye ruwa da kuɗi a banza. A Afrilu, zafin rana a waɗannan garuruwa kan kai digiri 40 ko ya wuce, amma kafin asuba iskar waje kan sauko zuwa tsakanin 24 da 28. Ke nan akwai sassauci a waje. Matsalar ita ce ɗakin ba ya karɓar sa, jikin mai barci kuma ba ya samun hanyar sauke nasa zafin.

Bari a fara da jikin. Zafin cikin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, kuma barci ba ya zuwa da daɗi sai ya ɗan sauka. Da dare ya yi, jiki yakan buɗe hanyoyin jinin da ke kusa da fata, musamman a tafin hannu da tafin ƙafa, ya tura jini can domin zafin ya fita. A haka zafin ciki ke sauka da rabin digiri zuwa digiri ɗaya, ya kai ƙarshen saukarsa gab da asuba. Ko a cikin barci jiki bai daina samar da zafi ba: babban mutum yana fitar da kimanin wat 70 zuwa 80, wato a cikin awa 8 ya tara abin da ya ɗan haura rabin yunit na mitar wuta. Dole wannan zafi ya sami inda zai tafi.

Hanyoyin fitarsa kuwa ba su da yawa. Fatar mutum tana wajen digiri 34 zuwa 35. Idan iskar ɗaki da bango da silin sun fi fata sanyi, zafin yakan fita da kansa ba tare da wahala ba. Idan suka kusa kai zafin fata, wannan ƙofa ta kusa rufewa, saura hanya ɗaya tak: gumi ya fito kuma ya bushe. A lura da wannan kalma ta ƙarshe, domin gumin da ya gangara ya jiƙe zanin gado bai sanyaya kowa ba. Sai wanda ya bushe a kan fata ne ke tafiya da zafi. Wannan ne ya sa a daren zafi mutum ke ta juyi, ya farka sau da yawa, barcin mai nauyi ya ragu, ya tashi da safe kansa na sarawa ko da ya yi awa bakwai a kwance.

Yanzu sai ɗakin. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa iskar ɗaki ce ke da zafi, shi ya sa duk ƙoƙarinsu ke ƙarewa a kan iska. Amma iska ba ta da nauyin da za ta riƙe zafi mai yawa. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, irin wanda aka fi ginawa a gidajen haya. Duk iskar da ke cikinsa ba ta wuce kilo 45 ba. Idan kuwa rufinsa na kankare ne mai kaurin inci 6, nauyin rufin kaɗai ya haura tan 4 da rabi. Idan rana ta ƙara wa wannan kankare digiri 10, ya adana zafin da ya kai yunit 11 zuwa 12. Iskar ɗakin, ko ta ƙaru da digiri 10 ɗin, abin da ta riƙe bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na wannan ba. Ba a ma lissafa bangon bulo da daɓen siminti ba. Saboda haka ko ka kori duk iskar ɗakin ka kawo sabuwa, cikin 'yan mintoci rufin da bangon za su sake dumama ta.

Abin da ya fi cutar da mai barci shi ne jinkirin da zafin ke yi kafin ya ratsa ginin. Rana ta fi dukan rufi tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 2, amma zafin yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya ratsa kankare ya iso cikin ɗaki. Bangon da ke fuskantar yamma kuwa bai fara shan rana sosai ba sai bayan azahar, ya ci gaba har faɗuwarta, don haka nasa zafin yana isowa ciki bayan isha, daidai lokacin da ake shimfiɗa. Kuma ba ta iska kaɗai yake isa gare ka ba. Bango mai zafi yana jefo hucinsa kai tsaye a kan fata, ko da akwai tazara tsakaninku.

Kowane irin gini da nasa hali. Rufin kwano shi ne mafi muni da rana, yakan kai digiri 60 ko fiye, amma ba shi da kauri, da magariba ta yi yakan huce da sauri. Abin da ke hana ɗakin kwano hucewa shi ne zazzafar iskar da ta maƙale tsakanin kwano da silin ba ta da mafita, da kuma bangon bulo. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro yana jinkirta zafi har kusan rabin yini, shi ya sa yake da daɗin zama da rana. Amma a tsakiyar bazara shi ma yakan cika, ya riƙa saki da dare, kuma tagoginsa ƙanana ne. Ba banza ba ne mutanen da suka gina irin waɗannan gidaje suke wuni a ɗaki su kwana a tsakar gida idan bazara ta kama. Sun san ginin nasu na rana ne.

Daga nan abu na farko ya fito fili: kwanan daren yau ana shirya shi tun da hantsi. Zafin da bai shiga ba ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda za a kora. Da zarar iskar waje ta fi ta ciki zafi, wanda a bazara kan faru tun wajen ƙarfe 9 ko 10 na safe, a rufe tagogi a saki labule. Na san wannan yana saɓa wa abin da zuciya ke so, domin mai jin zafi buɗe taga yake son yi, amma buɗe ta da ƙarfe 2 na rana shigo da iska mai digiri 40 ne domin bango ya sha. Wannan shawara ta fi dacewa da ɗakin kankare da na ƙasa, ko na kwano mai silin. Ɗakin kwano marar silin yakan fi waje zafi da rana, shi kam gara a bar iska ta ratsa shi. Kuma inuwar da ke waje ta fi ta ciki amfani nesa ba kusa ba. Labule yana tare rana ne bayan ta riga ta shigo. Zana ko asabari da aka rataya a waje, a bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninsa da bangon yamma, yana tare ta kafin ta taɓa bulo. A ganina, cikin duk abin da ɗan haya zai iya yi ba tare da izinin mai gida ba, babu wanda ya kai wannan riba.

Mai gidan kansa yana da abin da ya fi haka. Farin fenti ko farar ƙasa a kan rufi yana mayar da yawancin hasken rana sama kafin ya zama zafi. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda bazararsa ke kama da tamu, ya sa wannan cikin shirinsa na yaƙi da zafi, kuma an ga zafin cikin ɗaki na raguwa da digiri 2 zuwa 5. Iyakar dabarar a wurinmu ita ce ƙura: farin yakan dushe, sai an wanke ko an sabunta kafin kowace bazara. Ga mai rufin kwano kuma, a bar ƙananan ramukan shan iska a bangon da ke sama da silin, a sa musu raga, domin iskar da ta maƙale ta sami hanya.

Da dare sai a juya lissafi. Lokacin buɗe taga ba agogo ne ke faɗar sa ba, iska ce. Ka fita tsakar gida ka tsaya minti ɗaya, ka dawo ɗaki. Idan waje ya fi daɗi, a buɗe komai. Taga ɗaya ba ta isa, domin iska ba ta shiga inda ba ta da mafita, dole a sami wuri biyu, ko da taga ce da ƙofa. Idan akwai fanka ta tsaye, aikinta na farko ba busa mutum ba ne. A tsayar da ita taku biyu daga taga, fuskarta na kallon waje, a bar ƙofa ko ɗaya tagar a buɗe. Tana tura zazzafar iska waje, ta waje na shigowa ta ɗaya ɓangaren. Kuma tunda bango zai ci gaba da saki, wannan ba aikin minti goma ba ne, sai an ba shi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya.

Fankar silin ba ta yin wannan aiki. Ita juya iskar da ke ɗakin kawai take yi, kuma a ɗakin da rufinsa ya ɗauki zafi tana sauko da iskar sama, wadda ta fi zafi, a kan mai kwanciya. Gaskiyar magana ita ce babu fankar da ke sanyaya ɗaki. Injinta ma ƙara zafi yake yi, kusan gwargwadon na mutum guda. Amfaninta shi ne kawar da iskar da ta manne a jikin fata domin gumi ya bushe da sauri. Don haka barin ta tana juyi a rufaffen ɗakin da ba kowa, wai don ya yi sanyi kafin a shigo, asarar wuta ce.

Akwai ma lokacin da fanka ke komawa cuta. Idan iska ta fi fata zafi, busa ta a jiki ƙara wa jiki zafi ne, sai dai idan bushewar gumi ta rinjayi wannan ƙari. Masu bincike a Jami'ar Sydney ta Ostareliya sun gwada wannan a 2019. A zafi mai digiri 40 da danshi mai yawa, fanka ta taimaka wa waɗanda aka gwada. A busasshen zafi mai digiri 47 kuwa, ta ƙara musu zafin jiki da bugun zuciya, domin a busasshiyar iska gumi yana bushewa da kansa, fankar ba ta ƙara komai ba sai huci. Ɗakunanmu da dare ba su cika kai wa can ba, amma darasin ya shafe mu: a Maris da Afrilu, idan ɗaki ya haura digiri 35, fanka a kan busasshiyar fata ba ta da wani amfani sosai. A jiƙa fatar, sai ta zama wani abu dabam. Wannan ya fi muhimmanci ga tsofaffi, domin jikinsu ba ya fitar da gumi kamar na matasa.

Nan ne ruwa ya shigo, kuma nan ne nake son a dakata, domin shi ne makami mafi ƙarfi a hannun wanda ba shi da na'ura, kuma shi aka fi yin kuskure da shi. Kowa ya san randa. Ruwanta na sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ya bushe a waje, ya tafi da zafi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Jikin mutum a ƙarƙashin jiƙaƙƙen zani randa ne. Lita ɗaya ta ruwa, idan ta bushe gaba ɗaya, tana tafiya da zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na yunit. Ka tuna jiki yana samar da abin da ya ɗan haura rabin yunit a dare guda. Ashe lita ɗaya, idan a jikinka ta bushe, ta isa ta ɗauke zafin daren gaba ɗaya, kuma ta rage wa jiki gumin da zai fitar daga ruwan da ka sha.

Yadda ake yi shi ne a sami siririn zanin auduga, a tsoma a ruwa, a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a lulluɓa daga ƙirji zuwa ƙafa, fanka na busawa a hankali daga gefe. A ajiye ƙaramin bokiti kusa, domin a busasshen dare zanin kan bushe cikin awa ɗaya ko biyu. Wanda ba ya son lulluɓi yana iya jiƙa singileti, ko ya shafa ruwa a wuya da hannuwa da ƙafafu. Abin da bai kamata ba shi ne jiƙa katifa. Ruwan da ke ƙarƙashin jiki ba ya samun iska, ba ya bushewa, sai ya bar wari da ƙurajen zafi.

To amma wannan dabara tana da wa'adi, kuma wa'adin yana hannun danshin iska. A Maris da farkon Afrilu iskarmu busasshiya ce ƙwarai, danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A iska mai digiri 35 da danshi kashi 20, jiƙaƙƙen zani na iya saukowa har zuwa wajen digiri 19 ko 20. Amma daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, iskar kudu maso yamma takan fara shigowa da laimar teku, hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, ruwa bai sauka ba. A iska mai digiri 32 da danshi kashi 70, zanin nan ba zai sauka ƙasa da digiri 27 ba, kuma duk ruwan da ya bushe daga gare shi yana ƙara cika ɗakin da laimar da ke hana gumi bushewa. Shi ya sa mutane ke cewa zafin gab da damina ya fi cin rai, alhali ma'auni na nuna ya fi na Afrilu sauƙi. Ba sai da na'urar awo za a gane an shiga wannan yanayi ba. Idan tawul ɗin da aka yi wanka da shi da magariba yana nan da laimarsa har lokacin kwanciya, ko ruwan randa ya daina sanyin da aka saba, ko gumi ya tsaya a jiki yana danƙo, to lokacin jiƙa zani ya wuce. Daga nan iska ce kaɗai ke da amfani: fanka kai tsaye a jiki, tagogi a buɗe, tufafi kaɗan. Mazauna Legas da Fatakwal da Kumasi kusan duk shekara a wannan yanayi suke, saboda haka dabarar Sakkwato ba za ta yi musu aiki ba. Fanka mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa a ciki, ita ma wannan doka ce ke kanta: tana da kyau a busasshen zafi idan taga na buɗe, a rufaffen ɗaki ko a watan laima kuwa sai ta mayar da wurin ya fi da muni.

Ƙanƙara a gaban fanka fa? Ba na ganin ta cancanci kuɗinta. Kilo ɗaya na ƙanƙara, daga narkewa har ruwan ya dumama, zafin da yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na yunit ba, wato kashi ɗaya cikin biyar na aikin lita guda da ta bushe. A gaban rufin da ya adana yunit 11, wannan ba komai ba ne. Idan an riga an saya, gara a naɗe ta a tsumma a ɗora a wuya ko a riƙe a tafin hannu na ɗan lokaci kafin barci, ko a sanyaya ruwan sha da ita.

Wanka kafin kwanciya yana taimakawa, amma ba sai da ruwa mai tsananin sanyi ba. Sanyi mai yawa yana sa hanyoyin jinin fata su tsuke, ya kuma wartsakar da mutum a lokacin da ake neman barci. Ruwan da ya kwana a inuwa ya isa. Na tankin roba da ke sama kuwa yakan wuni a rana ya zama ruwan zafi, don haka a tara na wankan dare tun da safe a bokiti. Bayan wankan kada a goge jiki ƙarƙaf.

Sai shimfiɗa, wadda aka fi mantawa da ita. Katifar soso tana hana zafi wucewa, kuma mai nauyi yakan nutse a cikinta, ta rufe babban ɓangare na fatarsa. Idan tana cikin ledarta, abin ya ƙara lalacewa. Tabarmar kaba a ƙasa ta fi ta sau da yawa a bazara, domin iskar ƙasa ta fi ta sama sauƙi, daɓen da rana ba ta taɓa ba kuma yana jan zafi daga jiki. Gadon igiya ko na kara ya fi duka, tunda iska na wucewa ta ƙarƙashi. A janye shimfiɗa daga bangon yamma. Ka sa tafin hannunka a kowane bango da ƙarfe 10 na dare, wanda ya fi ɗumi shi za ka guje wa.

Kwana a waje, inda tsaro ya bari, ya fi duk waɗannan, kuma ba don iska kaɗai ba. A daren da babu gajimare, jiki yana sakin zafinsa kai tsaye zuwa sararin sama, wanda ya fi kowane silin sanyi. Sai dai a yayyafa wa daɓen tsakar gida ruwa tun magariba, domin shi ma ya wuni yana shan rana, a kuma ɗaga shimfiɗa daga ƙasa saboda kunama, wadda zafi ke fito da ita. Gidan sauro yana rage iska sosai, wannan gaskiya ce, kuma shi ne dalilin da mutane ke naɗe shi a bazara. Maganin shi ne a ɗaura shi da tsayi da faɗi, a sa 'yar fanka mai caji a cikinsa. Cire shi ga ƙananan yara da mai juna biyu, musamman bayan ruwan farko ko kusa da kwata da lambu, musayar wahalar dare ɗaya ce da zazzaɓin cizon sauro.

Mu haɗa su a ɗaki guda. A ce miji da mata da ƙaramin yaro suna haya a wancan ɗaki mai ƙafa 12, a saman bene a Kano, rufin kankare, taga ɗaya a yamma, ƙofa a gabas, tsakiyar Afrilu, wuta ba tabbas, sai fanka mai caji. Su uku kaɗai suna zuba wa ɗakin kusan wat 200 duk dare. Da safe sun rufe taga, zana na rataye a wajenta. Ba a yi girki ko guga a ɗakin ba. Da magariba, idan ana iya hawa rufin kuma ba ya yoyo, sai a watsa masa bokiti ɗaya ko biyu na ruwan da aka riga aka yi aiki da shi, a baza shi ya bushe, kada ya kwanta. Lita 20 da suka bushe a kan kankare mai zafi suna ɗauke kaso mai tsoka na abin da ya adana kafin ya gama ratsowa ciki. Bayan isha, da waje ya fi ciki daɗi, a buɗe taga da ƙofa. Idan akwai wuta a lokacin, fanka ta yi aikin tura iska waje. Idan babu, kada a ƙona cajin a kan wannan.

Dalili kuwa lissafi ne. Fanka mai batir na bolt 12 da amfiya 7 tana ɗauke da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Idan tana cin wat 20 a babban gudu, da ƙyar ta yi awa huɗu, kuma tsohon batir ba ya kai haka. A ƙaramin gudu tana iya ninka wannan. Awannin da suka fi tsanani su ne daga ƙarfe 10 zuwa wajen ƙarfe 2, lokacin da bango ke saki, jiki kuma ke neman shiga barci. Can ya kamata cajin ya tafi, a ƙaramin gudu, kusa da jiki, tare da jiƙaƙƙen zani. Bayan ƙarfe 3 iskar waje ta sauko, taga da ƙofa sun karɓi aikin. A bar su a buɗe har hantsi, domin sanyin asuba da bango ya sha shi ne jarin daren gobe. Da wannan duka ɗakin ba zai zama mai sanyi ba, wataƙila digiri biyu ko uku ne zai ragu. Amma tsakanin ɗaki mai digiri 35 da mai 32, ga fatar da ke digiri 34, akwai bambancin barci da rashinsa.

Akwai inda dabara ke ƙarewa. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Abin da ke sa irin wannan zafi kisa shi ne dare ba ya ba jiki hutu, wahalar jiya ta hau kan ta yau. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, jarirai, masu juna biyu, da masu ciwon zuciya ko ƙoda ko sukari, da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an miƙa masa ruwan. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce ta cewa ruwan jiki ya yi ƙasa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono za a ƙara masa, ba ruwa ba, kuma ba a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zani, sai dai a rage masa kaya a shafe jikinsa da tsumma mai laima. Kada neman fanka ya sa a kunna janareta a baranda ko kusa da tagar da aka buɗe, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutane a cikin barci. Bazara kuma lokacin sanƙarau ce, cunkoso a rufaffen ɗaki na taimaka masa yaɗuwa, don haka zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne.

Idan wani ya tashi cikin dare yana sambatu, ko bai gane mutane ba, ko ya kasa tsayuwa, jikinsa kuma ya yi zafi rau, ko da gumi ko babu, a ɗauke shi a matsayin bugun zafi. A fitar da shi waje, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a ci gaba da hakan a kan hanyar asibiti. Idan hankalinsa bai dawo daidai ba, kada a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe.